Ka biya dila sau biyu a kan inbois ɗaya? Kurakuran da ke jinkirta dawo da kuɗinka

A ce kana da shagon kayan masarufi, dila ya kawo maka kaya da inbois na naira 480,000. Ka tura kuɗin ta manhajar banki, allon ya tsaya a kan Pending, ka jira shiru, ka sake turawa. Da yamma sai ga alat biyu. Ta wannan hanyar akan faɗa cikin biyan kuɗi sau biyu, sai kuma inda maigida ya biya, akanta ma ya biya, ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa.

Kuskuren farko shi ne kiran dila nan take da alat a hannu. Alat yana nuna an cire kuɗi daga asusunka ne kawai, bai nuna sun shiga wajen dila ba. Sau da yawa ɗaya daga cikin tiransifar ta maƙale ne a hanya, banki zai mayar maka da kuɗin da kansa. Idan haka ne, dila bai riƙe maka ko kwabo ba, kuma matsa masa zai ɓata tsakaninku a banza. Ka ciro sitatimen na asusunka, ka duba ko akwai layin da aka rubuta Reversal. In babu, ka buɗe rasit ɗin kowace tiransifa ka nemi Session ID, lambar nan mai alƙaluma 30 da ke bin duk kuɗin da aka tura tsakanin bankunan Najeriya. Lambobi biyu daban, kowacce da Successful, su ne hujjarka. In kuma dila ya duba ya ce sau ɗaya ya gani, bankinka za ka kai wa ƙorafi da lambar ta biyun.

Daga nan sai kuskuren da na fi gani: a yi magana ta waya kawai, Alhaji ya ce "ba komai, za a duba", a bar shi a haka. Shi ba ya mayar da kuɗi da jin baki, sai akantansa ya ga shigowar kuɗin sau biyu a asusunsu, kuma dilan da kuɗi ke shigo masa duk yini ba zai gano naka ba sai ka nuna masa inda zai duba. Ka kira don girmamawa, amma ka bi da rubutu:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Mun biya inbois mai lamba 0217 na naira 480,000 sau biyu ranar Litinin, ɗaya da ƙarfe 10:14, ɗaya da ƙarfe 10:22. Ga rasit biyun da Session ID nasu. Kuskuren daga wajenmu ne. Muna roƙon a mayar mana da naira 480,000 cikin asusun da kuɗin suka fito zuwa ranar Juma'a. Allah Ya ƙara buɗi."

Wannan jimla ta "kuskuren daga wajenmu ne" tana da amfani. Wasu na rubutu da zafi kamar an kama ɓarawo, alhali mutumin bai nemi a biya shi sau biyu ba.

Kada ka ba da wani asusu daban, ko da na ƙaninka ne ko na mai POS. 'Yan damfara suna da wannan salo: su turo rasit na jabu, su ce sun biya sau biyu, a mayar musu ta wani asusu. Dila mai wayo yana ganin haka zai dakata, kuma yana da gaskiya. Haka nan ka nemi abin da ya shiga hannunsa kawai. Cajin da banki ya cire maka ba ya cikin lissafi, kuma idan naka kamfani ne da ya cire haraji kafin ya biya, abin da aka tura bayan cirewar shi ake nema, ba jimlar inbois ba.

Dila zai iya cewa a bar kuɗin a cire a kaya na gaba. Idan kana sayayya wurinsa kowane mako, ba laifi, amma fa a rubuce. Ya ba ka takarda mai sa hannu da ke nuna kana bin sa naira 480,000, a kan inbois 0217, kai ma ka shigar a littafinka a matsayin kuɗin da kake bi, ba kuɗin kaya ba. In ba haka ba, yaron shago zai canja, sabon inbois ya zo cikakke, ka sake biya. Idan kuwa sai bayan watanni za ka koma, ka nemi kuɗinka, domin jarinka ne zai kwanta a wurin wani, farashi kuma yana tashi.

Ranar da aka ce an mayar, kada ka rufe maganar da hoton rasit da aka turo maka. Ka ga kuɗin a sitatimen ɗinka tukuna, sannan ka rubuta masa cewa sun shigo, ka ajiye saƙon tare da inbois ɗin.