Yadda za ka tace zirga-zirgar na'ura ɗaya da tcpdump

Idan kana son ganin abin da ke shiga da fita daga na'ura guda kawai, yi amfani da tcpdump, manhajar da ke nuna bayanan da ke wucewa ta hanyar sadarwa, ka ba ta kalmar `host` tare da adireshin na'urar:

```
sudo tcpdump -n -i eth0 host 192.168.1.20
```

Tacewar tana faruwa ne kafin bayanan su iso gare ka, saboda haka allonka ba zai cika da hayaniyar sauran na'urori ba. Kada ka manta da `-n`, domin idan babu shi, tcpdump zai riƙa neman sunan kowane adireshi, abin da ke jawo jinkiri.

Dabarar tana iya gazawa idan fakitocin bayanan suna ɗauke da alamar VLAN, wato alamar da ke nuna rukunin hanyar sadarwar da suke ciki, domin alamar tana gusar da wurin da adireshin yake a cikin fakitin, sai ka ga allo shiru alhali ana ta musayar bayanai. A wannan hali, rubuta `vlan and host 192.168.1.20`.