Darasi: Ƙirga zoben makirfo kafin ka jona shi a waya

To jama'a, yau kowa ya ɗauko iyafis ɗinsa ya duba bakin ƙarfen nan da ake sokawa a waya. Kaurinsa milimita 3.5 ne, kuma a jikinsa akwai siraran zobba na roba, baƙaƙe ko farare. Ku ƙirga su. In zobe 2 ne sunansa TRS, makirfo mai irin wannan bakin na kyamara ne da rikoda. In 3 ne sunansa TRRS, shi ne na waya.

Zobe 3 yana raba ƙarfen gida huɗu: biyu na kunnen hagu da dama, ɗaya na haɗin ƙasa, na ƙarshe can gindi shi ne hanyar makirfo a yawancin wayoyin yanzu. Mai zobe 2 ba shi da wannan gida na huɗun, shi ya sa zai shiga ramin tsaf amma wayar ta ɗauka abin sauraro ne kawai, sai ta ci gaba da ɗaukar murya da ɗan makirfonta na ciki kai ba ka sani ba.

A ce an sa ka ɗaukar karatun malam, ka sayo ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ka ƙirga ka ga zobe 2. Abin da za ka nema shi ne adafta mai ramin TRS a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma baki mai zobe 3. Ka ƙirga da idonka tun a shago don Allah, saboda akwai mai yin akasin haka kuma kamarsu ɗaya. In wayar ba ta da ramin iyafis sai na caja wato USB-C, sai ka ƙara adafta ta biyu, ka ce mai DAC kake so, wato mai 'yar na'urar sarrafa sauti a ciki, wacce ke karɓar makirfo, don wasu masu arhar zaren waya ne zalla a ciki, wayoyi da yawa ba sa gane su. Ka jona makirfo a adaftar farko, ita a ta biyu, sannan ka soka a waya, sai ka buɗe manhajar ɗaukar murya daga ƙarshe.

Gwaji kuma dole ne. Fara ɗauka, ka ɗan sosa kan makirfon da farce, sannan ka sosa gindin wayar inda makirfonta na ciki yake, ka cire komai ka saurara. Wanda ƙararsa ta fito da ƙarfi shi ke aiki.

Babban makirfo mai ƙafa 3 kuwa, XLR, yana buƙatar akwatin sauti mai USB a tsakani, ka jona akwatin da kebul na OTG, wato wanda ke ba waya damar karɓar na'urar USB, wasu wayoyin ma sai ka shiga Settings ka kunna OTG ɗin. In fitilar akwatin tana ƙiftawa ko tana mutuwa musamman da ka danna maɓallin 48V mai tura wa makirfon wuta, wutar wayar ce ta yi kaɗan, sai ka nemi mahaɗar USB mai karɓar caja ta riƙa ba shi wuta.