Yadda Ake Daidaita Sibi da Gurbin Koyarwa: Misalin Malamin Kemistiri a Makarantar Kwana

Na sha zama cikin kwamitin tantance masu neman aikin koyarwa a wata sakandaren kwana, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda malamai nagari suke faɗuwa tun a kan takarda, kafin a ga fuskarsu. Mutum ya buga sibi guda ɗaya, wato takardar tarihin karatunsa da aikinsa, tun yana bautar ƙasa, ya yi masa kwafi talatin, duk inda ya ji ana neman malami sai ya miƙa. Mu kuwa da muke da tulin takardu sama da hamsin a kan teburi, abu huɗu kawai muke nema: darasi, aji, sakamako, da kula da yara bayan an tashi daga aji. Wanda bai nuna su a shafin farko ba, ya tafi ƙasan tuli.

A ce ga sanarwa: ana neman malamin kemistiri na SS1 zuwa SS3, mai rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wanda zai iya shirya ɗalibai don WAEC da NECO, kuma zai riƙe ɗakin kwanan ɗalibai maza. Mataki na farko, ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin waɗannan abubuwa, sannan ka ajiye sibinka a gefe ka duba ko kowane layi yana da amsa. Inda babu amsa, nan aikinka yake.

Fara da darasi. Layin farko bayan sunanka ya faɗi abin da kake koyarwa da sunan da sanarwar ta kira shi. Kada ka rubuta "malamin kimiyya" alhali kemistiri ake nema, domin mai karatu zai ɗauka kimiyyar ƙaramar sakandare kake nufi. Idan kana koyar da kemistiri da bayoloji, kemistiri ya zo gaba, bayoloji ya biyo baya a matsayin ƙari. Na taɓa ganin wanda ya jera darussa bakwai har da adabin Hausa da koyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yana ganin hakan zai burge mu. Abin da muka fahimta shi ne ba shi da fanni. Biyu sun isa, uku sun yi yawa.

Sai aji, wato matakin da ka koyar. A Najeriya NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, amma yawancin makarantu suna son mai digiri a babbar sakandare. Idan digirinka na kemistiri ne zalla ba na ilimi ba, sa PGDE ɗinka, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kusa da shi a layi ɗaya, lambar TRCN a ƙarƙashi. Idan ba ka gama ba, rubuta cewa kana kan yi da shekarar da za ka kammala, kada ka yi shiru a kai. Sannan a kowace makaranta da ka yi aiki, faɗi ajin da ka riƙe da yawan yara: "SS2 da SS3, aji uku, kimanin ɗalibai 45 a kowane aji." Wanda JSS kaɗai ya koyar kada ya ɓoye, minti biyar na gwajin koyarwa zai tona shi. Ya dai fito da duk abin da ya haɗa shi da manyan azuzuwa, ko da darasin yamma ne ga masu shirin jarrabawa.

To ga inda kusan kowa yake tuntuɓe, kuma ni ma nan na faɗi a karon farko da na nemi aiki: sakamako. Na cika shafi da "mai ƙwazo", "mai haƙuri", "mai son ci gaban ɗalibai". Babu wanda ya kira ni, kuma da gaskiyarsu, domin duk wanda ya miƙa takarda haka ya rubuta. Abin da shugaban makaranta yake so ya sani shi ne: yaran da suka bi ta hannunka, me suka ci?

Ga yadda za ka yi. Je wurin jami'in jarrabawa na makarantar da kake ko wadda ka bari, ka roƙi ya nuna maka jerin sakamakon WAEC ko NECO na shekarun da ka koyar da SS3. Ƙirga mutum nawa suka zauna kemistiri, nawa suka samu kiredit, wato daga A1 zuwa C6. Sannan ka ƙirga na shekarar da ta gabaci karɓarka ajin. Wannan ƙirga ta biyun ita ce mutane suke tsallakewa, kuma ita ce mai nauyin. A misalinmu, a ce kafin ka zo 19 cikin 45 suka samu kiredit, a shekararka kuma 31 cikin 48. Sai ka rubuta haka ɗin, da alƙaluman biyu, da shekarun, ka ƙara abu ɗaya da ka yi: "Na mayar da firatikal duk mako tun daga zangon farko na SS2." Mai karatun da ya san fannin zai gane nan take, domin ya san makarantu da yawa ba sa barin yara su taɓa buret da fifet, wato kayan auna ruwan sinadari, sai saura mako biyu jarrabawa, yaro ya shiga ɗakin gwaje-gwaje hannunsa yana rawa, ya zarce wurin da launin ruwan yake sauyawa, alƙalumansa uku su ƙi daidaituwa.

Ka rubuta yawan yaran, ba kaso kaɗai ba. Kashi 90 cikin ɗari na yara goma daban yake da na yara sittin. Kuma idan ka rubuta cewa duk ɗalibanka sun ci ɗari bisa ɗari shekara uku a jere, ba yabo za ka sha ba, zargi za ka jawo, domin kowa ya san irin cibiyoyin da ake samun wannan sakamako. Idan ku biyu kuka raba ajin, faɗi haka. Za a kira tsohon shugabanka a waya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai taɓa riƙe ajin jarrabawa ba ya yi amfani da sakamakon ƙarshen zango ko na jarrabawar gwaji, ya faɗi cewa na cikin gida ne. Sunan yaro ko ɗaya kada ya shiga takardar.

Kula da yara kuma, a makarantar kwana rabin aikin ke nan, amma mutane suna jefa shi can ƙasa tare da "ina son ƙwallo da karatu". Ba shi kan magana nasa. Idan ka yi fom masta, faɗi ajin, da cewa kai ke riƙe rajistar kiran suna da cike katin sakamako da kiran iyaye idan yaro ya fara fashi. Idan ka yi hawus masta, faɗi yara nawa, shekara nawa, da ko a cikin makaranta kake kwana. Ka ambaci sa ido a karatun dare da kai marar lafiya asibiti. Wanda bai taɓa yi ba ya kawo abin da ya fi kusa, kamar rakiyar ɗalibai zuwa gasar kacici-kacici ko riƙe ajin Islamiyya, ya kuma faɗa a wasiƙarsa ta neman aiki ko a shirye yake ya zauna a gidan malamai. Idan iyalinka ba za su iya ƙaura ba, gara a sani yanzu.

Sauran ba wuya. Shafi biyu, kada ya wuce. Cire firamaren da ka yi da tarukan bitar da ba su shafi gurbin ba. Masu ba da shaida a kanka su zama shugaban makaranta da shugaban sashen kimiyya, ba kawunka ba, kuma ka sanar da su kafin ka sa lambarsu. Ka adana kwafin da za ka iya gyarawa a wayarka ko a imel, don kada mai shagon buga takardu ya riƙa cajinka kuɗin sabon bugu duk lokacin da wani gurbi ya fito. Idan ta waya za ka tura, mayar da shi PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka da darasinka.