Darasi na Bakwai: Darajar kaso ɗaya a asusun haɗaka

Asusun haɗaka shi ne inda mutane da yawa ke tara kuɗinsu wuri ɗaya, wani manaja ya riƙa sayen hannayen jari da takardun lamuni da su. Duk wanda ya zuba kuɗi ana ba shi kaso gwargwadon abin da ya zuba. A takardar da za a aiko maka za ka ga haruffa uku, NAV, da lamba a gefensu. Wannan lambar ita ce darajar kaso ɗaya bayan an cire duk bashin da ke kan asusun.

Ga yadda ake fitar da ita. Kowace ranar aiki, bayan kasuwar hannayen jari ta tashi, sai a yi wa kayan asusun kuɗi da farashin da aka rufe kasuwa a kai. Farashin da aka sayo su tun farko ba ya shiga wannan lissafi.

Mu ɗauki wani ƙaramin asusu. Yana da hannun jari 10,000 na wani kamfani, yau kuma an rufe kasuwa kowane ɗaya yana kan 50, ka ga 500,000 ke nan. Takardun lamuninsa sun kai 300,000, akwai kuma tsabar kuɗi 220,000 a banki. Jimla 1,020,000. Amma ba duka ne na masu kaso ba, domin ana bin asusun ladan manaja da na bankin da ke ajiye masa kadara, a ce 20,000. Idan aka cire, saura 1,000,000. Kason da ke hannun mutane kuwa 100,000 ne. Raba 1,000,000 gida 100,000, za ka sami 10. NAV na yau ke nan.

Washegari hannun jarin nan ya sauko zuwa 48, sauran abubuwa suna nan yadda suke. Dukiyar ta ragu da 20,000, darajar kaso ta koma 9.80. Babu wanda ya taɓa maka kuɗi, kasuwa ce ta motsa.

To, mu koma ranar da kaso yake kan 10. Wasu asusun ba a kan 10 ɗin za su sayar maka ba, sukan ɗora ladan shiga. Idan ladan biyu cikin ɗari ne na darajar kaso, farashin shiga ya zama 10.20. Haka idan za ka fita, a ce ana cire ɗaya cikin ɗari, farashin fita 9.90 ke nan. Akwai asusun da ba sa karɓar ko ɗaya, akwai kuma masu karɓar ladan fita kawai daga wanda ya janye kuɗinsa kafin wani wa'adi ya cika.

A ce wata mata ta kawo 5,100. A farashin 10.20 za ta sami kaso 500. Daga cikin kuɗinta 5,000 ne ya shiga asusun, 100 ya tafi lada. Lura da wani abu a nan: dukiyar asusun bayan cire bashi ta zama 1,005,000, kaso ya zama 100,500, in ka raba har yanzu 10 ne. Shigowar sabon mutum ba ta ƙara wa tsofaffi komai, ba ta kuma rage musu.

Da a ce ta canja shawara ta mayar da kasonta tun farashi bai motsa ba, 4,950 za a ba ta. Ta yi asarar 150 alhali kasuwa ba ta faɗi ba. Kafin ta mayar da uwar kuɗinta, sai darajar kaso ta ɗan haura 10.30. Nan ne mutane suka fi ruɗewa: su ga NAV ya tashi daga 10 zuwa 10.20, su ɗauka riba ta samu, ashe ko ladan ba a gama mayarwa ba. Don haka in kana son sanin abin da zai shigo hannunka, ninka yawan kasonka da farashin fita, kada ka ninka da NAV.

Saura batun lokaci. Lambar da ka gani da safe ta jiya ce. Yawancin asusu suna da ƙa'idar lokacin rufe karɓar buƙata: wanda ya miƙa tasa kafin lokacin, da farashin da za a lissafa a ƙarshen wannan ranar za a yi masa; wanda ya makara, sai na ranar aiki ta gaba. Wato a lokacin da kake sa hannu ba ka san ainihin farashinka ba tukuna, sai takardar shaida ta iso. In ta iso, duba kwanan watan da ke kanta da farashin da aka yi amfani da shi.

Aikin yi: Dukiyar wani asusu 630,000 ce, ana bin sa 30,000, kason da ke hannun mutane 50,000. Nawa ne darajar kaso ɗaya? Idan ladan fita ɗaya cikin ɗari ne, nawa mai kaso 200 zai karɓa?