Yadda ake hana kwano gumi da dare har silin ya daina ɗiga

Duk shekara idan damina ta ja baya, wajen Satumba da Oktoba, sai an kira ni gida biyu ko uku a nan Garwa a ce rufi yana yoyo. In na tambaya ko an yi ruwa jiya, sai a ce a'a, sama garau ta kwana. Kafin in iso ma an riga an hau da gwangwanin kwalta an bi kan ƙusoshi kaf, wani har ya sauya fallen kwano biyu, amma da asuba ɗigon nan yana nan. Wannan ruwa daga cikin gidan ya fito, gumin kwano ne, kuma kwalta ba ta maganinsa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka tabbatar. Ka tashi bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, a daren da ba a yi ruwa ba. Kashe wutar gidan daga mita tukuna, don wayoyi a cikin silin suke bi, sannan ka leƙa da tocila. Yoyo wuri guda yake bi, gindin ƙusa ko mahaɗar falle biyu. Gumi kuwa za ka ga bayan kwanon duka ya yi tsattsafi, ɗigon yana gangarowa har ya ci karo da katakon da aka kafa kwanon a kai, a nan yake taruwa ya faɗo. Shi ya sa tabon da ke jikin silin, wanda a nan muke ce wa filafon, yake fitowa a jere kamar an ja layi.

Dalilin ba mai wuya ba ne. Kwano siriri ne, ba ya riƙe zafi. Idan dare ya yi babu gajimare kuma iska ta kwanta, yakan saki zafinsa zuwa sararin sama har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi: a digiri 30 mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa, a digiri 20 kuwa giram 17 kawai. Da zarar iska mai laima ta taɓa kwano mai sanyi sai ta ajiye rarar a jikinsa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take jiƙewa ta waje. Shi ya sa a watan Maris, da busasshiyar iskarmu, ba ka jin kowa yana wannan kuka.

Ga lissafin da ya sauya mini tunani. Wani ɗaki ne a kusa da kogin Binuwai, mita 4 da mita 4, tsakanin silin da kwano kamar rabin mita. Iskar da ke wannan tsakanin ba ta wuce ninki 8 na waccan mita ɗaya ta kowane ɓangare ba. Ko da ta yi laima sosai, a ce giram 24 a kowace mita, in ta huce zuwa digiri 20 abin da za ta zubar bai kai giram 60 ba, wato ɗan ƙaramin kofin shayi. Amma matar gidan tana tara ruwa a roba kowace safiya. To daga ina? Mutum mai barci yana fitar da kusan giram 40 na tururi a awa ta numfashi da fata. Su biyar ne a ɗakin, taga a rufe saboda sauro, awa takwas: sama da lita ɗaya da rabi ke nan. Ga wanki da ake shanyawa a ciki don gudun hadari, ga randa a lungu. Silin ɗin kuma ya buɗe a mahaɗa da wajen ƙwan lantarki, tururin yana hawa ta nan dare farai.

Saboda haka mataki na biyu, a rage abin da ke hawa. Wanki ya koma waje ko zaure. Kada a dafa ruwan wanka a cikin ɗaki. A sa raga a taga a bar ta a buɗe. Sannan a bi silin a toshe kowace kafa, da gefen bango da inda waya ta ratsa. In gini sabo ne, ka yi haƙuri da shi, domin bulo da filasta da daɓen siminti suna ɗaukar watanni suna fitar da ruwa, kuma ni ba na yarda a buga silin a ɗakin da aka yi wa daɓe makon jiya. In kana zargin ƙasan ɗakin, manna leda a kan daɓen da salatif ta kwana biyu; in ƙarƙashinta ya jiƙe, laima tana tasowa daga ƙasa.

Na uku shi ne inda kusan kowa yake faɗuwa, ni ma na faɗi a farkon aikina. Magina sun saba cike saman bango da siminti har ya manne da kwano, don ƙurar hunturu da jemagu, da tsoron kada iskar hadari ta shiga ta yaye rufi. Sai tsakanin ya zama tukunya mai murfi: tururi ya shiga, babu mafita. Na taɓa ƙara toshe wa wani mai gida sauran kafofin da hannuna, ina ganin raɓar waje ce take shiga, sai ɗigon ya ƙaru, filafon ɗin ya kumbura ya yi baƙi cikin mako uku. Na cire shi da kuɗina.

Daidai shi ne ɗaki a rufe yake ta sama, amma tsakanin silin da kwano yana shan iska. Ƙa'idar da nake bi, faɗin kafofin iska ya kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin. Ɗakin nan mai murabba'in mita 16 yana son kusan murabba'in santimita 1,000 ke nan. Kafa mai santimita 15 da 20 tana ba da 300, huɗu sun isa a lissafi, amma raga tana cinye wani kaso, don haka shida na fasa. Uku a bangon da kwano ya sauko, uku a bangon da ya fi tsayi, dab da kwanon. Kada ka jera su duka a bango ɗaya, iska sai ta sami mashiga da mafita take tafiya. Ragar ƙarfe za ka sa, ta roba ɓera yana cinye ta. Bulo mai huda ma yana yi, kuma ya fi sauƙin kuɗi in ana cikin gini. Maganar iskar hadari kuwa, ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe shi ne maganinta.

Kada ka shimfiɗa leda kai tsaye a ƙarƙashin kwano da ya riga ya kafu. Ruwan yana taruwa a kanta ya yi jaka, ya ruɓar da katako, wata rana ya zubo gaba ɗaya.

Wannan duka yana da iyaka. A Ngaundare, inda tudu ya kai kusan mita 1,100, ga sanyin dare ga doguwar damina, iskar wajen kanta jiƙe take, kafofi kaɗai ba za su kashe gumin ba. A nan sai an raba kwanon da iskar: soson nan mai fuskar azurfa da ake sayarwa a naɗe, a sa shi manne da bayan kwanon, a liƙe mahaɗarsa da salatif ɗin azurfa, don duk inda aka bar kafa nan ɗigon zai koma. Ya fi sauƙi lokacin rufi. Wanda ba shi da hali ya shimfiɗa zana a saman kwanon ya ɗaure, tana hana shi hucewa da dare, sai dai tana riƙe ruwa ta jawo tsatsa kuma ga haɗarin wuta, don haka ta lokaci kaɗan ce. In sabon rufi za ka yi, ba shi gangara sosai, ɗigo ya bi jikin kwano ya fita ta baki. Silin da ya riga ya kumbura kada ka sauya shi yanzu. Bari ka ga asuba bakwai a jere bayan kwanon a bushe.