Darasi na Bakwai: Fitar da Haruffan Farko Daga Cikakken Suna

A ce ke ce sakatariyar ƙungiyar adashi, ko kai ne mai riƙe rajistar ƙungiyar manoma, an ba ku sunayen mutum ɗari da ashirin a cikin Excel, aka ce a fitar wa kowa da haruffan farko na sunansa don a buga a katin memba. Musa Garba zai zama MG, Amina Sani Bello ta zama ASB. Idan da hannu ne, aikin yini guda ne, kuma kafin a kai mutum na hamsin ido ya fara tsallake layi. A wannan darasi za mu sa kwamfuta ta yi, da umarni uku: LEFT, MID da FIND.

Kafin ku taɓa kwamfuta, ku ɗauki biro da takarda. Ku rubuta Musa Garba da harufa warwatse, ku sa wa kowane harafi lamba a ƙarƙashinsa. M shi ne 1, u 2, s 3, a 4. To sai me? Mutane da yawa sukan yi tsalle su ba G lamba 5, kuma a nan ake faɗuwa. Tazarar da ke tsakanin Musa da Garba ita ma tana da gurbinta, domin a wurin kwamfuta tazara harafi ce kamar kowane harafi, sai dai ido ba ya ganinta. Saboda haka tazara ce 5, G kuma 6. Duk wanda ya gane wannan ƙirga, sauran darasin ba zai ba shi wuya ba.

Harafin farko: LEFT

Ku rubuta Musa Garba a akwatin A2. A akwatin B2 ku rubuta wannan, ku danna Enter:

```
=LEFT(A2,1)
```

M zai fito. LEFT yana ɗebo harufa daga hagu, lambar da ke bayan waƙafi kuma ita ce yawan harufan da kuke so. Ku mayar da 1 ɗin ya zama 2, za ku ga Mu. Babu wata wahala a nan, tun da kowane suna daga gurbi na ɗaya yake farawa.

Harafi na biyu: MID da FIND

Shi MID yana ɗebowa ne daga tsakiya, kuma abu uku yake tambaya: daga wane akwati, daga gurbi na nawa zan fara, harafi nawa zan ɗauko. Mun riga mun ƙirga cewa G yana gurbi na 6, don haka:

```
=MID(A2,6,1)
```

G ya fito, madalla. Yanzu ku rubuta Hadiza Umar a A3, ku ja fomular ƙasa. Maimakon U, sai ga a. Laifin ba na kwamfuta ba ne. Kun ce mata gurbi na 6, Hadiza kuwa harufa shida ne, gurbi na 6 shi ne a na ƙarshen sunanta. Lamba 6 ta Musa ce shi kaɗai da masu suna mai harafi huɗu irinsa. Muna bukatar wanda zai riƙa yi mana ƙirgar a kowane layi, kuma aikin FIND ke nan.

```
=FIND(" ",A2)
```

Ku duba da kyau: tsakanin alamomin zance biyun nan akwai tazara guda ɗaya. Ana ce wa FIND ne ya nemo tazara a cikin A2 ya faɗi gurbinta. A kan Musa Garba zai ba da 5, a kan Hadiza Umar 7. Lamba yake bayarwa, ba ya ba da harafi. Idan kuka manta tazarar kuka haɗe alamomin, FIND ba zai yi ƙorafi ba, 1 kawai zai riƙa ba ku a kowane layi. Duk lokacin da kuka ga 1 daga sama har ƙasa, ku fara duba nan.

To, tazara tana gurbi na 5, mu kuma harafin da ke bin ta muke nema, wato taki ɗaya gaba. Sai mu cire 6 ɗin nan daga cikin MID, mu sa FIND a madadinsa tare da ƙarin ɗaya. Alamar & kuma ita ce ke liƙa harafi da harafi:

```
=LEFT(A2,1)&MID(A2,FIND(" ",A2)+1,1)
```

Excel daga ciki yake fara lissafi. FIND ya ba da 5, an ƙara 1 ya zama 6, MID ya je gurbi na 6 ya ɗauko G, aka liƙa shi da M, aka sami MG. A layin Hadiza kuwa 7 da 1 sun zama 8, U ya fito, HU. Wanda ya manta +1 zai ga M shi kaɗai, ya yi zaton MID bai yi aiki ba, alhali ya yi: tazarar ya ɗauko, ga ta nan a gefen M, ido ne bai gan ta ba.

Idan suna uku ne

Yawancin rajista a wurinmu suna uku take ɗauka, na mutum da na mahaifi da na kaka ko na gari. Mu ɗauki Amina Sani Bello a A4, mu ƙirga. Amina ta cinye 1 zuwa 5, tazarar farko 6, Sani 7 zuwa 10, tazara ta biyu 11, B yana 12.

Matsalar ita ce FIND da zarar ya ci karo da tazarar farko sai ya tsaya. Amma yana karɓar abu na uku wanda ba mu ba shi ba tukuna, wato gurbin da zai fara nema daga gare shi. Idan muka ce ya fara daga 7, ya riga ya wuce tazarar farko, ta gaba da zai tarar ita ce ta 11. Ina za mu sami 7? Daga FIND na farko da ƙarin ɗaya. Shi ya sa ake saka FIND a cikin FIND:

```
=FIND(" ",A4,FIND(" ",A4)+1)
```

Ya kamata 11 ya fito. Idan 6 kuka gani, kun bar +1 na ciki, neman ya fara a kan tazarar farko, ya gan ta nan take ya tsaya. Da ana iya haɗa komai yanzu, amma ina ba ku shawara ku gwada wannan guntun shi kaɗai a wani akwati tukuna, ku tabbatar lambar ta yi daidai da ƙirgarku ta takarda. Doguwar fomula idan ta ɓaci, gano inda ta ɓaci ya fi rubuta ta wuya. Bayan haka sai harafi na uku:

```
=MID(A4,FIND(" ",A4,FIND(" ",A4)+1)+1,1)
```

Akwai +1 har biyu a nan kuma aikinsu daban. Na ciki yana tsallakar da nema daga tazarar farko, na waje yana matsar da MID daga tazara ta biyu zuwa kan B.

Inda abin yake ɓaci

Ku ja wannan fomula ta harafi na uku zuwa layin Musa Garba. Za ku ga #VALUE! a akwatin. Kada gabanku ya faɗi, ba abin da ya lalace. FIND ne yake cewa ya nemi tazara ta biyu bai samu ba, tun da Musa suna biyu gare shi. Haka mai suna ɗaya tak zai jawo wannan saƙo tun a harafi na biyu. Maganinsa IFERROR, wanda yake cikin Excel tun na 2007: idan guntun ya kasa, a sa abin da kuka zaɓa a madadinsa. Mu za mu zaɓi alamomin zance biyu a haɗe, ma'ana kada a sa komai.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan sharri, domin ita ba ta ba da saƙon kuskure. Mai shigar da sunaye ya danna tazara sau biyu tsakanin Musa da Garba. FIND ya ba da 5, MID ya je 6, ya tarar da wata tazarar, ya ɗauko ta. A fomular suna biyu sai ku ga M kawai, a ta suna uku kuma M da G da rami a tsakaninsu. Idan tazarar a gaban sunan take, LEFT ne zai ɗauko ta. TRIM yana share tazarar gaba da ta baya, ya mayar da na tsakiya ɗaya ɗaya. Saboda haka a fara wanke sunan a B2:

```
=TRIM(A2)
```

Sannan a C2 a haɗa guntaye ukun, kowanne yana duban B2 mai tsabta:

```
=LEFT(B2,1)&IFERROR(MID(B2,FIND(" ",B2)+1,1),"")&IFERROR(MID(B2,FIND(" ",B2,FIND(" ",B2)+1)+1,1),"")
```

Tsawonta kada ya tsorata ku, babu sabon abu a ciki. Ku ja B2 da C2 ƙasa har layin ƙarshe. Idan Excel ya ƙi karɓar fomular, ta yiwu kwamfutar an saita ta ne ta raba abubuwa da alamar ; maimakon waƙafi. Wanda yake aiki da Excel na Faransanci, kamar yadda ake samu a Nijar, sunayen ma daban ne: GAUCHE, STXT, TROUVE, SUPPRESPACE da SIERREUR, amma ƙirgar ɗaya ce.

Akwai kuma abin da fomula ba ta sani ba, sai ku. Ba ta san Alhaji ko Malama lakabi ba ne. Alhaji Musa Garba zai fito AMG, kuma idan sunan ya kai huɗu, na huɗun zai faɗi ba tare da wata sanarwa ba. Ku cire lakabi daga jerin tun farko. Harufan Ɓ, Ɗ da Ƙ ba su da matsala, kowanne gurbi ɗaya yake ci, Ɗanladi zai ba da Ɗ. Amma Sh da Ts, da muka koya a ajin karatu a matsayin baƙi guda, kwamfuta harafi biyu take ƙirga su, don haka Shehu zai ba da S, daidai da Sani. A katin memba wannan ba laifi ba ne. Sai dai kada a ɗauki haruffan farko su kaɗai a matsayin shaidar mutum a littafin kuɗi: Musa Garba da Maryam Gambo duk MG ne, sai an haɗa da lambar rajista za a san wa ya zuba, wa bai zuba ba.

Aikin aji

Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya yi ƙirga a takarda, ɗaya ya shigar a kwamfuta, sannan ku gwada amsoshinku.

1. A cikin Zainab Lawal, tazara tana gurbi na nawa, kuma L yana na nawa?
2. A cikin Ibrahim Ali Kano, wace lamba FIND na cikin FIND zai bayar?
3. Ku rubuta Rabi kaɗai a A5. Me fomular suna biyu mara IFERROR take nunawa, me ta C take nunawa?
4. Ku rubuta Hajiya Binta Sule Yaro. Wane harafi ne ya shigo da bai kamata ba, wanne ne ya ɓace?

Amsoshi: na ɗaya, 7 da 8. Na biyu, 12. Na uku, #VALUE! a ta farko, R a ta C. Na huɗu, HBS zai fito: H na Hajiya ya shigo, Y na Yaro ya ɓace. Ku goge Hajiya daga akwatin A ku ga ya koma BSY da kansa.