Yadda na shawo kan lattin ma'aikaciyata

A shagonmu na sayar da magani a Kofar Kaura, Katsina, muna buɗewa ƙarfe 8:00. Yarinyar da ke kan kanta, mai ƙwazo da kirki, kullum sai 8:40 take isowa. Na gwada yin gargaɗi ga kowa a taron safe, waɗanda ba su makara suka ji haushi, ita kuwa ba ta gane da ita ake ba. Barazanar yanke albashi ta sa ta daina gaishe ni da fara'a.

Abin da ya yi aiki: na ajiye littafin sa hannu na mako biyu. Bayan la'asar, da shago ya yi shiru, na kira ta ofis mu biyu kawai. Na buɗe littafin na ce, “Ƙanwata, ga lokutan isowarki. Masu karɓar maganin hawan jini suna tsayuwa a waje. Me ke riƙe ki?” Sai na yi shiru. Ban ce mata malalaciya ba.

Ashe ƙannenta take kai wa makaranta kafin ta nemi Keke Napep. Muka mayar da shigarta 9:00, tashi 5:00 maimakon 4:00, da sharaɗin ta kira ni kafin lokaci idan za ta makara. Muka sa ranar sake duba littafin bayan wata guda.

Alhamdulillahi, yanzu 8:55 tana bakin kanta.